Yadda na auna darajar tambarin madarar gari a Kano

A shagon unguwa ana iya samun madarar gari kala biyar a jere, nauyinsu kusan ɗaya, amfaninsu ɗaya, amma mai saye ya miƙa hannu ga guda ɗaya ko da ta fi sauran tsada. Wannan ƙarin ƙima da suna yake ɗora wa kaya, bayan an cire abin da kayan kansa yake da shi, shi ne masana kasuwanci ke kira darajar tambari, kuma shi na zaɓa in auna a kundin kammala digirina. David Aaker, a littafinsa na 1991, ya kasa wannan daraja gida biyar. Huɗu daga ciki suna zaune ne a zuciyar mai saye: sanin tambarin, abubuwan da ake danganta shi da su, ingancin da mai saye yake ganin yana da shi, da kuma riƙon da ake yi masa. Na biyar, wato kadarorin kamfani irin su rajistar tambari da alaƙa da dillalai, ba a samunsa ta hanyar tambayar mutane, saboda haka na bar shi.

Na zaɓi madarar gari ne saboda ana sayenta akai-akai, a ƙananan ledoji masu araha, kuma sunayen da ke gasa a kanta sanannu ne: Peak da Three Crowns na kamfanin FrieslandCampina WAMCO, Cowbell da Loya da Miksi na Promasidor, Dano na Arla, sai Nido na Nestlé. Da farko na yi tunanin ɗanɗanon miya ko taliyar yara, amma malamin da ke duba aikina ya nuna mini cewa a waɗannan kayayyaki sunan kamfani guda ya riga ya zama sunan kayan gaba ɗaya a bakin mutane, ta yadda idan mace ta ambaci sunan ba za a san ko tambarin take nufi ko kayan ba. Madara ba ta da wannan matsalar. Na tsayar da tambari guda a matsayin wanda nake aunawa, sauran kuma suka zama abokan kwatanci. Ba zan faɗi sunansa a nan ba, kuma alkaluman da zan nuna lissafi da su na misali ne, domin amsar mutum 200 a unguwanni kaɗan ba ta isa a yanke wa kowane kamfani hukunci a bainar jama'a ba.

Adadin mutanen ma sai da muka tattauna a kansa. Ƙa'idar da aka saba da ita tana cewa idan ana son tabbaci na kashi 95 cikin ɗari, da kuskuren da bai wuce maki 5 sama ko ƙasa ba, ana buƙatar mutum 384 ko 385. Aljihuna bai kai nan ba, sai muka tsaya a 200, wanda kuskurensa ya kai kusan maki 7. Malamin ya ce: "Ba laifi ba ne ka ɗauki 200, amma ka rubuta maki bakwai ɗin nan a gaban kowane sakamako, kada ka zo mini da bambancin maki uku kana kiransa bambanci." Na raba adadin tsakanin Fagge da Gwale da Tarauni, ina tsallake gida huɗu in tsaya a na biyar. Da yake yawancin masu yanke shawarar abin karin kumallo matan aure ne, kuma namiji baƙo ba ya shiga gidajen, wata abokiyar karatuna ce ta riƙa shiga da takardun, ni kuma ina tambayar magidanta a ƙofar gida da bakin shago. Tambayar farko da muke yi wa kowa ita ce ko shi ne yake zaɓar madarar da ake saye a gidan. Wanda ya ce a'a, mukan gode masa mu nemi wanda yake zaɓa.

Sanin tambari shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin aunawa, kuma shi ne wanda jerin tambayoyi zai iya lalatawa cikin minti ɗaya. Yana da matakai: akwai wanda bai taɓa jin sunan ba, akwai wanda zai gane shi idan aka nuna masa, akwai wanda zai tuno shi da kansa, akwai kuma wanda shi ne sunan da ya fara faɗowa bakinsa. Saboda haka dole a fara da tambayar da ba ta ambaci kowane suna ba: idan aka ce madarar gari, waɗanne sunaye kike tunawa? Sunan da aka fara faɗa mukan rubuta shi a gurbinsa daban, sauran kuma a jere yadda suka zo. Sai an gama wannan sannan a fito da katin sunaye a tambayi wanne aka sani. Ko a wajen gabatar da kanmu ba ma ambatar tambarin da muke aunawa, kuma ledojin madarar da muke ɗauke da su suna cikin jaka a rufe, domin da zarar ido ya faɗa kan leda, tambayar tunowa ta riga ta mutu.

A cikin katin sunayen na saka suna guda na ƙarya, wanda babu madara mai irinsa a kasuwa. Dalili shi ne mutanenmu suna da kara, kuma wasu suna jin nauyin su ce wa baƙo ba su san abu ba, wasu kuma suna zaton daga kamfani muka zo da rabon kyauta. A ce cikin mutum 200, mutum 70 sun fara ambatar tambarin da nake aunawa, 130 sun ambace shi a wani wuri cikin jerinsu, 190 kuma sun ce sun san shi da aka nuna musu kati. Wannan ya zama kashi 35, da 65, da 95. Idan kuma mutum 24 sun ce sun san sunan ƙaryar, wato kashi 12, to an samu ma'aunin yadda "na sani" take kumbura, kuma dole a karanta kashi 95 ɗin da wannan a zuciya. Ni a ganina lambar farko ce ta fi amfani ga kaya irin wannan, domin mai sayen madarar leda ba ya tsayawa nazari. Abin da ya fara zuwa bakinsa shi yake faɗa wa mai shago.

Ɓangare na biyu, wato abubuwan da ake danganta tambari da su, shi ne ya fi cin lokaci. Kevin Keller, a maƙalarsa ta 1993, ya nuna cewa ba yawan abubuwan ake dubawa kawai ba, ana duba ƙarfinsu a tunani, da ko masu kyau ne, da ko tambarin ne kaɗai yake da su. Ban yarda in zauna a ɗaki in ƙirƙiro siffofin da zan tambayi mutane a kansu ba, domin abin da zan rubuto kalmomin littafi ne. Sai na fara da hira a buɗe da mutane kaɗan waɗanda ba sa cikin 200 ɗin, ina ambatar suna in ce su faɗi duk abin da ya zo musu. Amsoshin da suka riƙa maimaituwa su ne kauri, auki, narkewa ba tare da gudaji ba, ƙamshi, rashin ƙarni, "ta yara ce", "ta masu hali ce", da "ita muka taso muka gani a gida". Wata dattijuwa a Gwale ta ce wa abokiyar aikina: "'Yar nan, ni madarar da cokali ɗaya zai faranta kofin koko ita ce madara." Daga wannan maganar na gane cewa auki, a wurin mai ciyar da gida, siffa ce mai zaman kanta, kuma ba daidai take da araha ba.

Da na tara amsoshin, ni da abokiyar aikina muka kasa su rukuni-rukuni, kowa shi kaɗai, sannan muka haɗa mu ga inda muka saɓa. Inda muka fi saɓawa shi ne kan "ta masu hali ce", domin a bakin wani yabo ne, a bakin wani kuma ƙorafin tsada ne. Maganin da muka samu shi ne mu ƙara tambaya guda bayan kowace siffa: wannan abu ne da yake sa ki saya, ko yake hana ki? Daga nan muka fitar da siffofi takwas muka yi jadawali, sunayen madara a sama, siffofi a gefe, mai amsa ya nuna waɗanda kowace siffa ta dace da su.

A wajen karanta wannan jadawali akwai tarko. Tambarin da ya fi shahara yakan samu maki mai yawa a kowace siffa, har da waɗanda ba nasa ba, saboda kawai mutane sun fi saninsa. Don haka ba a raba makin kowane tambari da mutum 200, ana raba shi ne da adadin waɗanda suka san tambarin. Idan mutum 95 cikin 190 da suka san babban tambari sun ce yana da auki, kashi 50 ke nan. Idan mutum 48 cikin 80 da suka san ƙaramin tambari sun ce haka, kashi 60 ke nan, ko da yake 48 bai kai 95 ba. Sannan siffar da kowane tambari ya samu kusan daidai ba ta bambanta kowa, komai kyawunta.

Ingancin da mai saye yake gani ba shi ne ingancin da ɗakin gwaji zai tabbatar ba. Hukunci ne da mutum yake yankewa a kan fifikon kaya gaba ɗaya, kuma madara ta dace da nuna wannan, domin cikin abin da ake sayarwa akwai mai cikakken man nono, akwai kuma wadda aka cire man nonon aka maye gurbinsa da man tsirrai, kuma an rubuta hakan a jikin leda. Kaɗan ne cikin waɗanda na yi hira da su suka kawo wannan zancen da kansu, amma kowa yana da tabbataccen ra'ayi kan wacce ta fi kyau. Don auna wannan ra'ayi na ɗauko ma'aunin Boonghee Yoo da Naveen Donthu na 2001, wanda ke da jimloli goma: uku kan riƙo, biyu kan inganci, biyar kan sani da dangantawa a haɗe. Sun gwada shi ne kan takalman wasanni da fim ɗin kyamara da talabijin, tsakanin Amurkawa da Koriyawa, saboda haka ban ɗauka zai zauna daram a kan madarar leda a Fagge ba tare da gyara ba. Na juya jimlolin zuwa Hausa, na ba wani ɗalibi da bai ga asalin ba ya mayar da su Turanci, muka gyara duk inda ma'ana ta kauce. Na kuma ƙara jimla ta uku a kan inganci, wadda ke tambayar ko madarar takan fito iri ɗaya duk lokacin da aka saya, domin jimla biyu sun yi kaɗan a gane ko amsoshi suna tafiya tare.

Amsa tana bin matakai biyar, daga ƙin yarda sam zuwa yarda ƙwarai. Ga wanda ake karanta wa takarda, jero masa zaɓi biyar a lokaci guda yana sa ya kama na ƙarshe da ya ji. Sai muka raba tambayar biyu: da farko, kin yarda, ba ki yarda ba, ko kina tsakiya? Idan ta ɗauki ɓangare, sai a ce: sosai ko kaɗan? Amsa biyar ɗin dai ake samu, amma ba tare da ruɗani ba. Cikin jimlolin akwai wadda aka gina a juye, mai cewa mutum yana shan wahalar hango tambarin a zuciyarsa, kuma kafin a tara maki dole a juya tata ta hanyar cire makin daga 6, ta yadda 5 zai koma 1. Wanda ya yarda ƙwarai da ita, kuma ya yarda ƙwarai da cewa yana tuno tambarin nan take, alama ce cewa yana amsa "e" ne kawai, kuma irin waɗannan takardu na ware su na duba daban.

Bayan na shigar da amsoshin cikin manhajar lissafi ta SPSS, na gwada ko jimlolin kowane ɓangare abu ɗaya suke aunawa, da ma'aunin alfa na Cronbach. Lissafinsa ba shi da wuya a bi da hannu:

```
alpha = (k / (k - 1)) * (1 - sum(var_i) / var_total)
      = (3 / 2) * (1 - 3.6 / 7.5) = 0.78
```

A nan jimlolin, wato k, uku ne, warwatsuwar makin kowace ɗaya, wato yadda amsoshin mutane suka yi nisa da juna, ita ce 1.2 da 1.0 da 1.4, jimilla 3.6, warwatsuwar makin da aka tara kuma 7.5. An saba karɓar 0.7 zuwa sama. Abin da alfa ba ya iya faɗa shi ne ko abin da ake aunawa shi ne abin da aka yi niyya. Idan mutane suna amsa "e" ga komai saboda kara, alfa zai yi kyau, sakamakon kuma ba shi da amfani.

Saboda wannan shakkar na ƙara ɗan gwajin ɗanɗano da taimakon wani mai shayi. Ya haɗa shayi ɗaya a tukunya ɗaya, sukari daidai, muka zuba cokalin madara iri ɗaya daga tambari biyu a kofuna marasa alama, muna sauya wanda ake fara miƙawa domin kofin farko yakan samu fifiko. A wani zama na daban muka maimaita, amma wannan karon ledar tana gefen kofin. Mutanen talatin ne kacal, don haka ban yi wani lissafin tabbaci a kansu ba, amma na ga da idona waɗanda suka zaɓi kofi guda a rufe suka koma ga ɗayan da suka ga suna, kuma suna bayyana dalilinsu da kauri da ƙamshi cikin cikakkiyar gaskiya. Tazarar da ke tsakanin zaɓin rufe da zaɓin buɗe ita ce mafi kusa da na zo ga ganin aikin suna shi kaɗai.

Riƙo shi ne ɓangaren da na fi daɗewa a kansa, domin a nan ne abin da mutum ya faɗa da abin da yake yi suka fi nisa da juna. Jimlolin ma'aunin suna tambayar ko mutum yana ɗaukar kansa mai riƙo da tambarin, ko shi ne zaɓinsa na farko, da ko zai ƙi sayen wani matuƙar akwai shi a shago. Waɗannan niyya suke aunawa. Na ƙara tambayoyi uku da suka fi kusa da aiki. Ta farko: cikin saye biyar na ƙarshe, sau nawa wannan tambarin aka saya? Na tsaya a biyar ne domin ba mai iya tuna sayen wata guda na abin da ake saye kusan kullum. Ta biyu: ranar ƙarshe da kika aika aka ce babu ita, me ya faru? An karɓo wata, an je wani shago, ko an haƙura? Ta uku ita ce tsanin farashi. Nakan ajiye leda biyu, wadda mutum ya ce ita ce tasa da wadda take bi mata, in ce a ɗauka duka biyun naira 100 ne, wacce za ka ɗauka? Sai in ɗaga kuɗin tasa zuwa 110, 120, 130, har 150, ɗayar tana nan a 100, in rubuta matakin da ya sauya sheƙa.

A ce mutum 120 cikin 200 sun yarda cewa su masu riƙo ne, wato kashi 60. Idan cikinsu 54 ne kawai suka tsaya har farashi ya kai 120, to waɗanda riƙonsu ya jure ƙarin kashi 20 su ne kashi 27 na duk waɗanda aka tambaya. Lambobin biyu gaskiya ne, amma ma'anarsu daban: ta farko tana nuna so, ta biyu tana nuna abin da kamfani zai iya dogaro da shi ranar da ya ƙara kuɗi. Ita ma ta biyun sai an yi hattara da ita, domin kuɗin baki ne ba na aljihu ba, kuma mutum yakan fi ƙarfin hali a gaban mai tambaya fiye da a gaban mai shago.

Tambayar ranar da aka ce babu ita ce ta buɗe mini abin da littattafan da na karanta ba su tanada ba. A gidaje da yawa matar da take zaɓa ba ita take zuwa shago ba. Yaro ake aika. Idan mai shago ba shi da wadda aka ambata, sai ya miƙo wadda ke hannunsa, yaron ya kawo, kuma ba kasafai ake mayar da ledar madara ba alhali ruwan shayi yana kan wuta. Wani mai tireda a Tarauni ya ce mini: "Malam, abin da na samo da sauƙi a kasuwar Singa shi nake jerawa, shi kuma unguwa take sha." Ma'ana, saye huɗu cikin biyar na tambari guda yana iya zama riƙon matar gida, yana kuma iya zama sakamakon abin da mai shago ya saro. Aaker ya bambanta mai saye don sabo da mai saye don ƙauna da wanda ya ɗaure kansa ga tambari, amma ƙidayar saye kaɗai ba ta raba su. Abin da ya raba su a takarduna shi ne haɗa amsa biyu: wadda ta saya sau huɗu ko biyar kuma ta sa yaro ya wuce wani shago da aka ce babu, ita na lissafa a matsayin mai riƙo na gaske, wadda ta saya sau huɗu ko biyar amma ta karɓi abin da aka kawo, na sa ta a rukunin sabo.

Da na zo rubuta babin sakamako, akwai sha'awar in tara ɓangarorin huɗu su zama maki guda, in jera tambura daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Malamina ya bar mini zaɓi, ni kuma na ƙi, domin maki guda yana ɓoye abin da aka sha wahalar ganowa. Tambarin da kowa ya sani amma riƙonsa ya karye a ƙarin naira goma, da wanda kaɗan suka sani amma suke zagaya shaguna nemansa, za su iya tashi da jimilla ɗaya, alhali na farko yana buƙatar dalilin da zai sa a fifita shi, na biyu kuma yana buƙatar talla da isa shaguna. Na gabatar da kowane ɓangare a jadawalinsa, tambarin da nake aunawa a gefen abokan gasarsa biyu mafi kusa, tare da maki 7 na kuskure a ƙasan kowane kaso. Na kuma rubuta a fili cewa wannan lissafin kuskure an gina shi ne a kan zaɓen mutane ta hanyar ƙuri'a tsantsa, cewa tsallaken gida huɗu da na yi kusantar hakan ne kawai, kuma cewa a duk inda na raba da adadin waɗanda suka san ƙaramin tambari, kamar mutum 80, kuskuren ya haura zuwa kusan maki 11.